Biyar Cikin Ɗari

Shekara talatin da wani abu shagona yana jikin nasa. Ni makulli nake yankawa, ina gyaran kwado, shi kafinta ne. Bango ɗaya ya raba mu, bangon ma na katako, shi ya yi shi da hannunsa. A layinmu ba a kiransa da sunansa, sai dai Mai Awo, saboda in ka kawo masa aikin ƙofa sai ya bi ka har gida ya auna ramin da kansa, ko da ka zo da awon a rubuce. Mutum ne da bai taɓa cin kwabon kowa ba. Matsalarsa ɗaya, yana ganin duk wanda lissafinsa bai zo daidai da nasa ba, to akwai abin da ya ɓoye.

Mahaifinsu ya rasu ya bar masa zarto biyu da guduma da ƙane ɗan shekara tara. Shi ya raini wannan ƙanen, ya sa shi makaranta, ya koya masa aiki, ya yi masa aure. Auta muke ce masa har ya yi furfura. Shagon da sunan Mai Awo aka yi masa rajista, amma duk abin da ya shafi takarda Auta ke yi: banki, rasit, da takardar da ake cikewa duk shekara a kai ofishin haraji. Mai Awo lamba kawai yake karantawa. Lamba kam ba ta wuce shi.

Wata shekara suka sami aikin da ya fi kowanne girma a rayuwarsu. Wani kamfanin gine-gine ya ba su ƙofofi da tagogin gidaje masu yawa, ana biyansu kashi-kashi. Auta ke karɓo cek ya je banki ya kawo kuɗi. Tun biyan farko Mai Awo ya ƙirga ya ga ba su cika ba. Auta ya ce, "Yaya, cirewa suke yi, biyar cikin ɗari, na gwamnati ne. Za su ba mu rasit." Aka yi biya na biyu, na uku, rasit bai zo ba. Mai Awo ya fara rubuta gibin da fensirin kunnensa a bayan ƙofar kabad ɗin kayan aiki, layi bisa layi. Ana cikin haka Auta ya sayi babur, tsoho ne ma, amma ya zo a mugun lokaci.

Ran nan Mai Awo ya haɗu da mai kula da siton kamfanin ya tambaye shi. Shi kuwa mai sito ba abin da ya sani sai abin da ke gabansa. Ya buɗe fayil ya nuna masa takardar kuɗin aikin da hatimi a kai, ya ce, "Ga shi, Baba, an biya duka. Mu ba ma riƙe wa kowa."

Layi goma sha ɗaya ne a bayan ƙofar kabad ɗin ranar da abin ya fashe. Ina zaune ina jin komai ta bango, daga baya ma ba sai ta bango ba, don a bakin shago aka ƙarasa, gaban teloli da mai walda da duk mai wucewa. Kalmar da Mai Awo ya faɗa wa Auta ba zan rubuta ta ba. Auta bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaya, ni?" Ya sake cewa, "Ni, Yaya?" Mai Awo ya ƙwace makullin durowar takardu ya sa a aljihu.

Wata bakwai suka yi suna aiki a ɗaki ɗaya ba mai ce wa wani uffan. In Auta na son guduma sai ya zagayo ya ari tawa. Sau ɗaya na ga ya zo da ambulan mai ruwan ƙasa ya ajiye a bencin yayansa. Mai Awo ya ture da bayan hannu ya ce takarda ai sayenta ake yi a kasuwa. Auta ya sunkuya ya ɗauka ya kakkaɓe garin katako ya tafi da shi. Ba a yi wata biyu ba zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwar Auta, Mai Awo ya ci gaba da buɗe shago, amma rabin shagon kawai. Bencin Auta yana nan da ƙofar da bai gama ba a kai, ba wanda ke taɓawa. Wani lokaci da rana tsaka sai in ji injin ya tsaya, shiru ya yi tsawo, in leƙa in same shi tsaye ya juya kai gefen bencin, kamar wanda aka kira. In ya gan ni sai ya ce ƙusa yake nema. Duk wata yana aika wa matar Auta kuɗin cefane ta hannuna, amma ƙafarsa ba ta sake taka gidan ba.

Takardar shekara kuwa ba wanda ya cike, tunda mai cikewa an ƙwace masa makulli sannan ya mutu. Shekara ɗaya da rasuwar, sai ga takarda daga ofishin haraji. Ni na karanta masa, a hankali, don karatuna ba mai gudu ba ne. Sun ce tunda bai kawo bayanin abin da ya samu a waccan shekarar ba, sun ƙiyasta da kansu. Ga harajin, ga tarar rashin kawo takarda, ga ƙarin jinkiri. In bai yarda ba yana da kwana talatin ya rubuto ƙin amincewarsa da dalilansa. Kuɗin da suka rubuta, ko injin yankan ya sayar da ƙyar ya biya.

Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, mai shagon sayar da waya ne, yana da baki, kuma yana ƙaunar tsohon, wannan ba zan hana shi ba. Washegari ya zo da takarda a buge.

"Baba, hannu kawai za ka sa. Na rubuta musu gaskiya: kuɗin ba su shigo hannunka duka ba, marigayi ke karɓa, kuma ba ka san iyakar abin da ya riƙe ba. Su je su tambaye shi in suna iyawa."

Mai walda da ke tsaye ya yi dariya ya ce, "Ai waɗannan ko can ma sai su aika takarda."

Mai Awo bai yi dariya ba. Ya ce in karanta masa. Na karanta. Da na zo kan sunan Auta sai ya ɗaga hannu ya ce ya isa.

"Baba, ai kai ka faɗa da bakinka, duk layin nan sun ji," in ji surukin.

"Na faɗa da baki. Wannan kuma a fayil za a sa, ya daɗe fiye da ni da kai." Ya juya takardar ofishin yana duba lambar da ke ƙasa. "Wannan lambar, daga ina suka samo ta? Ni ban taɓa yanka katako a kan awon da ban ga yadda aka yi shi ba. Su nuna mini tukuna."

"Haba Baba, gwamnati ce za ta zauna ta yi maka lissafi?"

"To wani ne dai ya zauna ya yi shi."

Kwana na shida muka tafi ofishin, ni da shi. Hawa na biyu, dogon benci, fanka ɗaya tana juyi kamar ba ta so. Muka jira har aka kira mu wurin wata ma'aikaciya mai tabarau, fayil ya kusa rufe ta. Mai Awo ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce shi bai zo faɗa ba, yana son ya san yadda aka kai ga wannan lamba kafin ya ce ya yarda ko bai yarda ba.

Ta ɗago ta dube shi. "Baba, da kowa haka yake zuwa da ban tsufa da wuri ba. Amma da baki ba zai yi ba. Rubutawa za ka yi."

Ta ba ni farar takarda ta faɗi abin da za mu sa. Lambarsa ta haraji, lambar takardar ƙiyasin, da shekarar da ake magana. Sannan mu nemi dalilan ƙiyasin a rubuce, da lissafin yadda aka fitar da shi tun daga kuɗin shiga har zuwa tara, da inda aka samo kowace lamba, da jerin duk harajin da aka riga aka biya da sunansa. Ta ce abin da ya shafi sirrin wasu mutane ba za a ba shi ba, amma duk abin da ya shafi shagonsa zai gani. Na rubuta biyu, ya dangwala hannu, aka buga wa tamu hatimi da kwanan wata.

Muna miƙewa ta ce, "Ku ji wannan da kyau. Neman bayani ba ya tsayar da kwana talatin ɗin nan, suna tafiya. In kun ga sun kusa cika amsa ba ta zo ba, ku kawo ƙin amincewa ko gajere ne, ku ce sauran dalilai na biyowa. Kar ku zauna jira har ƙofa ta rufe."

Kwana goma sha uku muka jira. Kullum surukin sai ya biyo ya ce saura kaza. Mai Awo ya rame a kwanakin nan. Wata rana ya shigo shagona ya zauna kan akwatin kwado, ya ce, "Mai Makulli, ban san abin da nake roƙo ba. In takardar ta ce ya ci, na rasa ƙane. In ta ce bai ci ba…" Bai ƙarasa ba, ni ma ban taya shi ba.

Amsar ta zo ranar kwana na goma sha tara, shafi huɗu. Muka shimfiɗa a bencinsa, muka danne da guduma saboda iska. Shafin farko dalilai ne: ba a kawo takardar shekara ba, ba a kawo littafin ciniki ba, don haka an ɗauki kuɗin da littattafan kamfanin gine-ginen suka nuna an biya shi, aka ƙara abin da ya saba samu daga ƙananan ayyuka a shekarun baya, aka ɗauki kashi talatin cikin ɗari a matsayin riba. Mai Awo ya yi tsaki ya ce wanda ya rubuta haka bai taɓa sayen katako ba.

Shafi na uku jeri ne, layi goma sha ɗaya. Kowane layi da kwanan wata, da cikakken kuɗin aikin, sannan wani gida a gefe da aka rubuta a samansa: harajin da aka cire tun wurin biya. Layi bakwai da lamba a wannan gidan, huɗu babu. A ƙasa an tara bakwai ɗin an rage su daga abin da ake bin sa.

Ban gama karanta kan jerin ba ya zare shafin daga hannuna. Ya je ya buɗe ƙofar kabad. Ya ɗora takardar a jikin katakon, yatsa ɗaya a takarda, ɗaya a rubutun fensir. Na farko daidai. Na biyu daidai. Yana sauka a hankali, leɓensa na motsi. Duk inda takardar ke da lamba, ita ce a katakon, har 'yan canjin ƙarshe. Kuɗin da ya rubuta a matsayin sata suna can ofishin gwamnati tun ranar, an biya masa haraji da su, da sunansa.

Bai yi kuka ba. Zama ya yi a ƙasa cikin garin katako, ya jingina da kabad ɗin, ya ce, "Ya gaya mini. Tun ranar farko ya gaya mini."

Surukin ya zo da yamma ya duba. Ya ce, don ya sauƙaƙa wa tsohon, "To Baba, huɗun nan fa? Ka ga babu komai a gidansu. Wataƙila dai…"

"Kar ka ƙarasa. Haka na fara."

Muka koma wurin mai tabarau da shafin. Ta ce huɗun nan ba su shiga ƙarƙashin lambarsa ba. Ko kamfanin ya cire bai tura ba, ko ya tura da lambar da ba daidai ba. In akwai rasit ɗin cirewar a kawo, za a bincika a rage masa. Haka ribar ma, in yana da rasit ɗin katako da ƙusa da fenti da kuɗin wuta da na leburori, za a yi lissafi da su a bar ƙiyasi. Tarar rashin kawo takarda kuwa ba ta ga inda zai kama ba, tunda bai kawo ɗin ba. Da na ambata mata takardar surukin, ta ce ko da ya sa hannu ba za ta rage masa komai ba, don aikin da sunan shagonsa aka yi aka biya. Abin da kawai za ta yi shi ne ta zauna a fayil.

A durowar shago muka sami rasit ɗin katako, Auta ya jera su wata-wata ya ɗaure da roba. Na cirewar haraji babu ko ɗaya. Ni da shi duk mun san inda suke.

Kwana uku yana ɗaukar hula yana ajiyewa. Rana ta huɗu ya ce in raka shi gidan Auta. Muka yi sallama, matar Auta ta fito tana goge hannu a zani. Ta gaishe shi yadda ta saba, ta durƙusa, ta ce, "Yaya, yau kai ne a gidanmu?" Ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa. Bai sha ba. Ya fara magana, maganar ta ƙi tsayuwa, sai ya miƙa mata shafin kawai.

Ba ta karɓa ba. "Ni ba sai an nuna mini ba, Yaya."

Ta shiga ɗaki ta fito da ambulan ɗin. Rasit goma ne a ciki. Bakwai waɗanda muka sani. Uku kuma an rubuta lambar Mai Awo da kuskure, an juya lamba biyu. Na goma sha ɗayan babu rasit, sai kwafin wasiƙu uku da Auta ya rubuta wa akantan kamfanin yana nema. Ta ƙarshen ya rubuta ta kwana tara kafin ya kwanta. Ya ce a taimaka a ba shi, yayansa yana bukatar ya gani.

"Babur ɗin ma," ta ce, "ɗan kunnena na sayar. Ya hana ni in faɗa maka, wai kar ka ji kunya ka ce ba ka biyansa abin da ya isa."

Mai Awo ya ce, "Ki yafe mini."

"Nawa mai sauƙi ne, na yafe. Nasa kuma ba ni ke riƙe da shi ba." Ta ɗora hannu a kan ambulan ɗin, ba ta sake shi ba tukuna. "Amma 'ya'yansa suna bin layin shagonka su tafi aiki. Har yau akwai masu kallonsu. A bakin shago ka faɗa, Yaya, ba a ɗaki ba."

Ya ce ya ji. Sannan ta ɗauke hannu.

Kwana na ashirin da bakwai muka kai ƙin amincewar. Surukin ne ya buga, wannan karon abin da tsohon ya faɗa masa kawai. Ya yarda da kuɗin aikin kamar yadda suka rubuta, ya yarda bai kawo takarda ba. Bai yarda da ribar ba, ga rasit. Yana neman a rage cirewa huɗun, ga rasit uku, ga wasiƙu. Aka haɗa da takardar shekarar da ba a cike ba, a cike. Ya sa aka ƙara layi ɗaya da surukin ya ce ba a bukata: duk waɗannan takardu ƙanensa marigayi ne ya tara su, kuma daidai suke. Bayan wata huɗu amsa ta zo. Sun rage fiye da rabi, sun karɓi rasit ukun, na huɗun suka ce suna bin kamfanin. Sauran ya biya kaɗan-kaɗan, injin bai bar shago ba.

Amma tun ranar da muka dawo daga kai takardar ya fara ɗayan aikin. Bai shiga shagonsa ba. Ya fara daga bakin layi, wurin teloli, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Abin da na faɗa a kan ƙanena ƙarya ne. Bai ci mini komai ba." Ya wuce wurin mai walda, sai da aka kashe inji ya faɗa. Ya bi shago-shago har ya zo kaina, ni da aka yi komai a gabana, ya tsaya ya faɗa mini kamar ban sani ba. Na ce na ji, Allah ya jiƙan Auta.

Na ɗauka shi ke nan. Shekara shida ke nan yanzu, rabin mutanen layin sun canza, waɗanda suka ji maganar farko saura mu kaɗan. Shekaranjiya wata mata ta kawo gyaran kujera, baƙuwa ce, ba ta taɓa jin labarin kowa a nan ba. Ina jin su ta bango. Suka yi ciniki, ya faɗi ranar da za ta dawo. Har ta juya sai ya ce, "Hajiya, ina da ƙane, ya rasu. Bai ci mini komai ba."

Matar ta ce Allah ya gafarta masa, ta tafi. Na jira in ji injin ya tashi. Ya daɗe bai tashi ba.